Farar ƙwaya mai lamba 5

A shekarata ta farko a ɗakin magani na asibiti ina alfahari da idona. A zuba min ƙwayoyi a tafin hannu, in faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa ina dacewa. Wata ƙaramar leda ce ta raba ni da wannan taƙamar.

Wani saurayi ne ya kawo mahaifiyarsa, gumi ya jiƙe mata riga, hannunta na rawa, maganarta ta fara sarƙewa. Da aka gwada sukarin jininta sai na'ura ta nuna 2.6, alhali duk abin da ya sauka ƙasa da 3.9 an shiga haɗari. Ita kuwa ba ta da ciwon suga, asma ce ke damunta. Aka aiko min ledar da ɗan ya zo da ita in duba. Ƙwayoyi ne farare ƙanana, da tsaga a tsakiya, an buga 5 a gefe guda. Ban ko tsaya tunani ba na ce firednisolon ne, tunda shi ake ba mai asma.

Shugaban sashenmu ya karɓi ledar, ya juya ta, ya ce, "Ɗana, me ka karanta a nan ban da 5?" Na yi shiru. Ya ce, "To ka faɗa musu ba mu sani ba."

Na ji kunya, amma gaskiyarsa ce. Lambar 5 ba ta wuce nuna miligiram biyar ba, kuma magungunan da ake yi a wannan ƙarfin suna da yawa. Launi da siffa zaɓin kamfani ne. Kamfanoni goma za su iya yin magani ɗaya, kowanne da kamanninsa, haka kuma magunguna biyu da ba su haɗa komai ba, sai su fito kamar tagwaye. Da aka tura saurayin ya koma ya ga robar da aka ɗebo masa, sai ga gilibenkilamaid, maganin sauke suga. Idan asma ta tashi akan ba babba firednisolon miligiram 30 zuwa 40 a rana, wato ƙwaya shida zuwa takwas a lokaci guda. Matar ta haɗiye shida. Miligiram 30 ke nan na maganin da ko mai ciwon suga ba ya wuce 15 zuwa 20 a yini. Kwana biyu ta yi ana ƙara mata ruwa mai sukari, domin maganin yana daɗewa a jiki, sukarin ya hau ya sake faɗuwa.

Abin da ya fi tsaya min a rai daga baya shi ne, ko da na canki sunan daidai, da sauran rina a kaba. Kwali da katin da ƙwaya ke ciki su ne ke ɗauke da ranar ƙarewar wa'adi, sunan kamfani, lambar rajista da lambar rukunin da aka sarrafa tare. Wannan ta ƙarshe mutane ba su cika kula da ita ba, amma da ita ake janye magani daga kasuwa. A 2018, lokacin da aka gano gurɓataccen sinadari a wasu rukunan balsatan, maganin hawan jini, da sunan kamfani da lambar rukuni aka tantance wanda za a mayar. Mai ƙwaya a leda ba shi da abin dubawa. Mai jabu ma hakan ya fi masa: buga farar ƙwaya ya fi kwaikwayon kwali sauƙi nesa ba kusa ba.

Sannan katin nan ba ado ba ne, garkuwa ce. Asfirin idan ya sha danshi yakan fara rushewa, ka buɗe ka ji warin tsami na tashi. Wannan ma ya kyauta, ya faɗa maka. Nifedifin, wani maganin hawan jini, haske ne ke kashe shi, ƙwayar naitirogilisarin da masu ciwon zuciya ke sawa a ƙarƙashin harshe kuwa ƙarfinta tsiyayewa yake idan ta bar kwalbarta, kuma kamanninta ba sa canzawa ko kaɗan.

Yanzu idan zan yanka kati don in ba mutum ƙwaya huɗu, nakan bi ta inda suna zai fito a guntun, in kwafe ƙarfi da wa'adi da lambar rukuni a jikin ambulan. Idan kuma aka miƙo min leda aka ce in duba, nakan tambayi wa ya ba da ita, daga wace roba aka ɗebo. In babu amsa, sai in ce, "Baba, bar min wannan a nan, mu koma kan takardar likita."