Waƙafi kafin who da which: gwajin da ya yi mini aiki

'Yan uwa masu koyon Turanci, a makon nan na rabu da dabarar da aka koya mana a ajin yamma, wato a cire sashen da ya fara da *who* ko *which*, idan jimla ta tsaya da ƙafarta sai a sa waƙafi. Dabarar ta daɗe tana ba ni haushi, domin kusan kowace jimla tana tsayawa bayan an cire sashen, ko da ma'anarta ta lalace. A ɗauki *Students who cheat will fail*. Idan aka cire tsakiyar, *Students will fail* ba ta da aibi a nahawu, amma ta kayar da ɗalibai gaba ɗaya, alhali masu satar amsa kaɗai ake nufi.

Abin da ya warware mini matsalar tambaya ce guda: kafin mai karatu ya iso wannan sashe, ya riga ya san wanda ake nufi, ko kuwa zai ce "wanne?" Idan zai tambaya, sashen ne ke tantance mutumin, don haka babu waƙafi. Idan ya sani, ƙarin bayani ne kawai, sai a killace shi da waƙafi gaba da baya.

Na gwada da *My wife, who teaches in Zaria, is ill*. Malaminmu ya ce waƙafin dole ne, kuma yana da gaskiya ga mai mace ɗaya, tunda babu wata da za a rikita ta da ita. Amma magidanci mai mata biyu, idan yana so ya bambance uwargida da amarya, *My wife who teaches in Zaria is ill* zai rubuta, kuma bai yi kuskure ba. Ke nan sai an san halin da ake ciki kafin a yanke hukunci. Sunayen yanka ba su da wannan wahala, shi ya sa *Kano, which is famous for its dye pits, attracts traders* take ɗaukar waƙafi kullum.

Da na kama wannan, ƙa'idar *that* ta zo da sauƙi: tana maye gurbin *who* ko *which* a sashe mai tantancewa kaɗai, ba ta buɗe sashen ƙarin bayani. Ina alfahari da cewa atisayen da na yi jiya ban sha jan biro a kansa ba ko sau ɗaya.

Inda har yanzu ajinmu ke tuntuɓe shi ne *whose*. Saboda muna cewa "yaron da mahaifinsa ya rasu", hannu yakan rubuta *the boy who his father died*, alhali *the boy whose father died* ne daidai. Wannan zan sa a gaba mako mai zuwa, tare da jimloli irin su *a house whose roof leaks*, inda mai mallakar ba mutum ba ne.