Kafin ka biya kuɗin alaimen, duba zafin tayarka

Shekaruna goma sha ɗaya da buɗe ɗan garejina a nan Sakkwato, ni da yara huɗu, kuma aikin ƙafar mota da birki shi ne abincinmu. A cikin masu shigo mana babu wanda yake ba ni tausayi kamar wanda zai ce motarsa tana ja gefe guda, an yi mata alaimen, wato saita ƙafafunta su miƙe daidai, har sau biyu, ba ta daina ba. Mutanenmu sun riga sun haddace cewa mota in ta ja, alaimen ne. Wani lokaci shi ɗin ne. Amma ni a wurina shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa, kuma wata Korola da aka kawo mini cikin bazarar bana ta isa misali.

Mai ita dattijo ne, yana jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Illela. Da hantsi ya iso, ya ce, "Malam, motag ga ta gajishe ni. In na saki sitiyari kaɗan sai ta nufi dama kamar akuya ta ga dusa." Na ce, "Baba, tun daga tasha take ja, ko sai an yi nisa?" Ya yi shiru, sannan ya ce da safe lafiya lau take, sai ya wuce Kware take farawa, kafin Gwadabawa kuwa hannunsa ya gaji. Ya ƙara da cewa mai ma ta fara sha fiye da da.

Wannan amsar ta rage mini rabin aiki. Ƙafar da ta karkace a karkace take tun daga ƙofar gida, ba ta jiran a yi tafiya. Abin da yake ƙaruwa da nisan hanya, zafi ne yake tayar da shi, zafi kuwa a wajen taya birki ne uwarsa.

Duk da haka da iska na fara, domin ita ce ba ta cin ko sisi. Na sa geji: gaba ta hagu 36, ta dama 27. Mota tana ja ne zuwa ɓangaren da iskarsa ta yi ƙasa, saboda tayar ta fi kwanciya a kwalta, ta fi nauyin juyawa. Yawancin ƙananan motoci suna son 30 zuwa 33, kuma adadin yana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Da safe ake aunawa, taya na sanyi. A zafin Afrilu na garin nan, da rana take wuce digiri 40, tayar da ta sha hanya takan nuna ƙarin uku ko huɗu, kada a sace shi, da kansa zai sauka. Kuma ina roƙon direbobi su sayi gejinsu, domin na wasu masu faci ya daɗe da mutuwa, da bugun ƙarfe suke auna iska.

Muka daidaita duka biyun a 32, muka hau hanya mai santsi. Jan ya ragu, bai tafi ba. A nan dole a yi wa mota adalci: titi ana yinsa da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka, mu kuma a dama muke tuƙi, saboda haka ɗan zamewa a hankali zuwa dama ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne wanda sai ka riƙe sitiyari da ƙarfi. Na Baba irin wannan ne.

Bayan tafiyar minti goma sha biyar na tsaya a hankali, ba tare da yawan taka birki ba. Na kai bayan hannuna kusa da wilin hagu, ɗumi kawai. Na zagaya dama, tun kafin hannuna ya isa hucin ya doke ni, ga ƙauri kamar an ƙona roba, ga baƙar ƙura ta lulluɓe wilin alhali ɗaya ɓangaren fes yake. Kada wanda ya taɓa faifan birki a wannan hali, zai ɗauke fatar yatsa. Kada kuma a watsa masa ruwa, yana iya lanƙwasa faifan, daga baya feda ta riƙa rawa.

Da muka koma muka ɗaga ta a jak. Tayar hagu na juya ta da hannu ɗaya ta yi ta zagaye. Ta dama sai da yarona ya sa hannu biyu, yana saki ta tsaya cak. Birki ya kama ke nan, sauran a gano mai laifi, domin uku ne ake zargi: fistin ɗin kalifa, wato ƙarfen da yake matse faifan birki, ko fil biyun da kalifar take zamewa a kansu, ko tiyon roba da yake kawo man birki. Tiyo yakan lalace ta ciki, mai ya shiga amma ya kasa komawa, daga waje kuma ka gan shi lafiya. Gwajinsa mai sauƙi ne. A taka birki a saki, sannan a ɗan kwance nonon da ake fitar da iska ta cikinsa. In mai ya yi tsartuwa taya ta sake nan take, mai ne ya maƙale, sai a bi tiyo. Na kwance, mai ya ɗiga kawai, taya tana nan a ƙame. Laifin yana cikin kalifa.

Da muka buɗe, robar da take rufe bakin fistin ta yage. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina da na wanki sun bi ta, tsatsa ta ci gefen fistin har ba ya komawa baya in an ɗaga ƙafa. Fil na ƙasa shi ma ya bushe ƙamas, sai da muka yi ta murɗawa ya fito. Fad ɗin dama, wato abin da yake gogar faifai in an taka birki, saura ƙiris ƙarfe ya fara cin faifai, na hagu kuwa ko rabi bai kai ba.

Na gaya wa Baba gaskiya: fistin da tsatsa ta yi wa ramuka ba a goge shi da samfefa a mayar, zai yanke sabuwar roba, mai ya fara yoyo, a kan hanya da rayukan mutane. Ya yarda muka sa wani fistin da sababbin robobi. Fil ɗin muka wanke muka shafa masa giris ɗin birki na silikon, ba baƙin giris na boris ba, wanda yake kumbura roba har fil ya sake maƙalewa. Fad muka canja duka ɓangarorin biyu, don in aka sa sabo a gefe ɗaya, wani jan za a haifar lokacin taka birki. Muka zubar da tsohon man da ya koma kalar shayi, muka zuba irin wanda aka rubuta a murfin kwalbarsa, DOT 3, muka fitar da iska har feda ta yi tauri.

Da a ce wilin bai yi zafi ba, da sai in musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. In jan ya juya ko ya ɓace, taya ce ta lalace ta ciki, abin da muke yawan gani a tayoyin Beljiyam. Sai bayan wannan nake girgiza tayarod da boljoyin, in duba bushin, domin alaimen a kan ƙafa mai sako-sako zubar da kuɗi ne. Alamar matsalar alaimen ta gaskiya ita ce taya tana cinyewa ta baki ɗaya, ko sitiyari ya karkace bayan an faɗa rami.

Da la'asar muka sake fita gwaji, Baba ne a sitiyari. Bayan mun yi nisa ya tsaya da kansa, ya sauka, ya kai bayan hannunsa kusa da wilin dama, ya zagaya na hagu, ya dawo ya ce, "Ɗumin ɗaya ne, ɗana." Ya nemi in rubuta masa 32 a takarda, ya soke ta a bayan madubi.