Kafin ka ce wa dila "a sauke"

Jiya na tarar da ɗan ƙanena yana shirin amsa wa dilansa cewa a kawo kaya. Tayin kuwa: kwali 120 a kan bashi, rangwamen kashi 5 cikin 100, a biya cikin kwana 30. Da na tambaye shi kwali nawa yake sayarwa a mako, sai ya ce kamar 10. Gabana ya faɗi, domin irin wannan tayin ne ya taɓa cinye mini jari.

Lokacin da aka yi mini nawa, rangwamen kaɗai na kalla. Ban zauna na raba yawan kayan da abin da nake sayarwa a mako ba. Mai sayar da kwali 10 a mako sai ya yi mako 12 kafin 120 su ƙare, alhali wa'adin biya yana cika ne bayan mako 4 da 'yan kwanaki. Ranar da dila ya zo, kwali 40 da ɗoriya ne suka fita, kuɗinsu bai kai rabin bashin ba ko da an haɗa da riba. Na kwashe cinikin sauran kayan shago na biya, na kasa saro waɗanda suke tafiya, masu saye suka koma wani wuri. Ragowar kuma na karyar da su ƙasa da yadda na saro. Kasuwa ta ja baya a lokacin, wannan gaskiya ne, kuma mutumin ya daɗe yana kyautata mini, ta yaya zan dubi idonsa in ce a'a? Amma ko kasuwa ba ta ja baya ba, lissafin ba zai fita ba. Kunya ce ta hana ni ƙi.

Ku yaran yanzu waya tana hannunku dare da rana, amma raba 120 da 10 ya gagare ku! Idan kayan ba za su ƙare kafin wa'adi ba, ka ƙi. Kuma ka ba da amsa a ranar, kada ka ce "zan yi tunani", domin zai ɗauka ka kusa yarda. Ba dole ba ne ka yi masa bayani. To, amma dila ne da za ka ci gaba da nema, gara ka faɗa masa dalili guda ɗaya na gaskiya.

Ga abin da na sa yaron ya rubuta:

"Ranka ya daɗe, na gode da wannan yarda da ka yi mini. Sai dai ba zan iya karɓar kwali 120 ba, domin ba za su ƙare cikin kwana 30 ba, kuma ba na son in saɓa maka alkawari. A kawo mini 20 kuɗi hannu kamar yadda muka saba. In ciniki ya ƙaru, ni da kaina zan neme ka."