Yadda nake auna farashin sabon hannun jari kafin in cika fom

Idan kamfani ya fito da hannun jarinsa kasuwa karon farko, ba kasuwa ce ta yanka farashin ba. Masu kamfanin ne da bankunan da suka ɗauka haya su sayar musu suka zauna suka yanke, kuma ladan bankunan kaso ne na kuɗin da aka tara. Su ne kuma suke zaɓar lokacin fitowa, ba sa fitowa sai kasuwa ta yi zafi. Shi ya sa idan na ji ana cewa an yi rububi har buƙata ta ninka abin da aka fitar, ba na ɗaukarsa shaida. Mai son guda dubu yakan nemi dubu biyar don ya san za a rage masa. Abin da na lura da shi ma ya fi wannan ciwo: a tayi mai kyau ɗan kaɗan ake ba ƙaramin mai saye, wanda manya suka guje wa kuwa shi ake cika maka duk abin da ka nema.

Na koyi lissafin ne a kan takardar bayanin da kamfanin Facebook ya fitar a 2012, kuma har yau da ita nake gwada sauran. An fara cinikin hannun jarinsa ranar 18 ga Mayu a kan dala 38. Wannan adadi shi kaɗai ba ya nuna tsada ko araha. Sai an ninka shi da yawan dukkan hannayen jarin kamfanin, a nan ne ake ganin an yi wa kamfanin kuɗi kimanin dala biliyan 104. Ribarsa ta 2011 kuwa dala biliyan 1 ce. Ke nan mai saye yana biyan dala ɗari da 'yan kai a kan kowace dala ɗaya ta riba, alhali a lokacin ana sayen Google a wajen ninki 20.

Daga nan nake juya lissafin baya. Idan wata rana kasuwa za ta auna kamfanin da ninki 20 kamar takwaransa, sai ribarsa ta kai dala biliyan 5.2 kafin farashin 38 ya zama daidai. Wato ribar ta riƙa ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari duk shekara har shekara biyar, kuma duk wannan don kuɗinka ya tsaya inda yake ne kawai. Sai na duba ko alƙaluman baya-bayan nan suna tafiya a wannan hanya. A watanni ukun farko na 2012 ribar ta sauko zuwa dala miliyan 205 daga miliyan 233 na bara warhaka. Kwana tara kafin fara ciniki kamfanin ya ƙara gargaɗi a takardar cewa jama'a suna komawa amfani da waya, inda bai fara samun kuɗin talla sosai ba. Duk da haka aka ɗaga farashi, aka kuma ƙara yawan abin da za a sayar da kashi 25 cikin ɗari.

Shafin da ba na tsallakewa shi ne mai nuna aljihun da kuɗin zai shiga. Cikin guda miliyan 421 da aka sayar, miliyan 180 ne kawai sababbi da kuɗinsu ya shiga kamfani. Sauran miliyan 241 na tsofaffin masu jari ne da suke karɓar nasu. Wannan ba laifi ba ne, amma waɗanda suka fi kowa sanin kamfanin sun ga 38 farashin sayarwa ne, kuma dole in sa hakan a ma'auni. A kusa da shafin akwai ranakun da wa'adin hana 'yan ciki sayarwa zai ƙare. Na farko ya ƙare a tsakiyar Agusta, aka saki wasu miliyan 271, a farkon Satumba farashin ya faɗi ƙasa da dala 18. Bai koma 38 ba sai a Agustan 2013.

Lissafin nan yana da iyaka, kuma wannan kamfani ne ya nuna mini ita. Ribarsa ta haura dala biliyan 10 a 2016, wanda ya saya a 38 ya riƙe bai yi asara ba. Ninki mai yawa ba ya nufin kamfanin banza ne, yana nufin an riga an karɓi kuɗin nasarar da ba a yi ba tukuna. Wanda ya jira wata huɗu ya sayi kamfani guda da rabin kuɗi. Don haka nake rubuta farashin da zan iya biya tun kafin a buɗe tayi. Idan na tayin ya wuce shi, sai in jira rahoton riba guda biyu da ƙarewar wa'adin 'yan ciki, sannan in sake lissafin da sababbin alƙaluma. Ba na kuma cin bashi don sayen sabon tayi, domin mai bashi ba ya iya jiran wata goma sha biyar.