Nawa batiri yake sayar maka da kowane kilowat-awa?

Batura huɗu na saya a karon farko da na haɗa sola, irin na dalma, kowanne an rubuta 12V 200Ah a jikinsa. Da aka jera su aka haɗa, sun ba da bolt 48, kuma idan aka auna da kilowat-awa, ma'aunin yawan wuta da ake taƙaitawa kWh, abin da za su iya riƙewa a takarda shi ne 9.6, wato 48 sau 200 a raba da dubu. Ba su cika shekara biyu ba suka fara kasa kai ni asuba. Sai a lokacin na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin in zaro kuɗi daga aljihu.

Batiri ba ya ƙirƙirar wuta, ajiya kawai yake yi, kuma duk ajiyar da ya karɓa ya mayar tana ɗan cin ransa. Saboda haka kuɗin da ka biya ranar saye kamar ka biya kuɗin duk wutar da zai miƙo maka ne a dunƙule, daga ranar farko har ranar da zai gaza. In kana son sanin ko ka yi sayen kirki, sai ka raba kuɗin da jimillar wutar. Jimillar kuwa abu uku ne ke fitar da ita: girman batirin, kashi nawa na cajinsa kake zuƙewa kafin ka sake cika shi, da kuma sau nawa zai jure wannan cikawa da zuƙewa. Na biyun shi ne zurfin zuƙa, wanda takardun batiri ke rubutawa DoD. Na ukun kuma zan kira shi zagaye.

```
kuɗin kWh ɗaya = farashi ÷ (kWh × DoD × zagaye)
```

Domin lissafin ya yi wa kowa aiki ko da wane irin kuɗi yake ciniki, zan ɗauki abin da na biya wa batura huɗun a matsayin 100,000 cif.

Ba wai ban yi lissafi ba ne gaba ɗaya ranar sayen. Na yi, amma na haɗa hannun wani da ƙafar wani. A jikin kwali an buga 1,500 da manyan lambobi a matsayin yawan zagaye, a wani gefen kuma an ce ana iya zuƙe shi har kashi 80 cikin ɗari. Na ninka 9.6 da 0.8 da 1,500, na samu kilowat-awa 11,520. Na raba 100,000 da wannan, ya ba ni ƙasa da 9 a kowane kilowat-awa. Na tashi ina jin na tsinci dami a kala.

Bayan baturan sun gaji ne na nemo cikakkiyar takardar bayanansu, na tarar da wani ɗan zane a shafin baya, layuka uku kowanne yana gangarowa. Ashe 1,500 ɗin nan na wanda yake zuƙar kashi 30 ne kawai. Mai zuƙar kashi 50, zagaye 800 aka ba shi. Mai zuƙar kashi 80 kuwa, 400. Ba ƙarya suka buga a kwalin ba, kowace lamba gaskiya ce a muhallinta, ni ne na aurar da lambobi biyu da ba sa zama gida ɗaya. Yawan zagaye ba ya da ma'ana sai an faɗi zurfin da aka gwada shi a kai, kuma dole ka ɗauko su biyun daga layi ɗaya.

Da na sake lissafin yadda ya dace, ga abin da ya fito. A kashi 30, jimillar wutar 4,320 ce, kowane kilowat-awa ya kama 23. A kashi 50 ta koma 3,840, ya kama 26. A kashi 80 kuma 3,072, ya kama kusan 33. Wato lissafina na farko ya yi kuskure da kusan ninki huɗu. Akwai abin lura a nan da ban taɓa kawowa a raina ba: batirin dalma, in ka matsa masa yana ba ka wuta da yawa a dare ɗaya, amma jimillar abin da zai ba ka a rayuwarsa raguwa take yi. Sai dai kada wannan ya sa ka ce bari in sayi batura rututu don in riƙa zuƙar kaɗan. Tsakanin 23 da 26 ba wata tazara ba ce, kuma batirin da ba ya aiki sosai ma tsufa yake yi.

To ni a wane layi nake? Ina da wata 'yar mita da aka ɗaura a kan wayar batirin, tana ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Ita ta nuna mini cewa a dare ina cin kusan kilowat-awa 4. Daga cikin 9.6, wannan kashi 42 ne, tsakanin layi na farko da na biyu, don haka in sa ran zagaye wajen 1,000 bai zama son kai ba. Abin da na samu dare 700 ne ko kusa da haka. Ninka 700 da 4, ka samu 2,800. Raba 100,000, ka samu kusan 36. Wannan shi ne farashin da na biya da gaske, ba 9 ba, ba ma 25 ba.

Mai haɗa mini kayan ne ya nuna mini inda sauran zagayen suka zube. Ya shiga ɗan ɗakin da baturan suke, ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗaya, ya juyo ya dube ni.

"Malam, a nan suke kwana kullum, ƙofa a rufe?"

Na ce masa a nan suke. Ya ce, "Ai kuwa dafa su kake yi." Alkaluman takarda a zafin digiri 25 ake gwada su, kuma ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce, duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan haka yana iya raba rayuwar batirin dalma biyu. Na biyu, ya duba mitar ya ga cewa a kwanakin da rana ba ta buɗe sosai ba, baturan ba sa cika kafin dare ya sake yi. Batirin dalma da ke yini da kwana bai cika ba, wani gishiri ne ke daskarewa a kan farantansa ya toshe su, ƙarfinsa ya ragu. Alamar ita ce za ka ga yana nuna ya cika da wuri, ya kuma faɗi da wuri da zarar an ɗora masa kaya. Haka nawa suka riƙa yi a watanninsu na ƙarshe, ni kuwa ina murna wai caji ya yi sauri.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara ingiza lamarin. Buƙatata ba ta raguwa don batiri ya tsufa. Sa'ad da 9.6 ya zaizaye ya koma 7.7, kilowat-awa 4 ɗin nan ya tashi daga kashi 42 ya zama kashi 52. Ba tare da na ƙara ko ƙwan fitila ɗaya ba, na sauka zuwa layin da ya fi cin rai. Shi ya sa ƙarshen batirin dalma yake zuwa kamar gangara.

Da na zo sauyawa, aka nuna mini na litiyom, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, mai 51.2V 100Ah, wato kilowat-awa 5.12. Kuɗinsa ninki ɗaya da rabi na tsofaffin, 150,000 ke nan a ma'auninmu, ga shi girmansa bai fi rabinsu da komai ba. Da a da ne, da tuni na juya baya. Wannan karon sai na ce a ba ni takarda tukuna. Ta ce zagaye 6,000 a zurfin kashi 80, a digiri 25, har ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80 na asali. Wannan sharaɗin na ƙarshe ma a duba shi, domin wata takardar a kashi 70 take tsayar da ƙirga, kuma hakan kaɗai yana kumbura yawan zagaye ba tare da batirin ya fi wani inganci ba.

Kashi 80 na 5.12 ya kama kusan 4.1, daidai da abin da nake ci a dare. Sau 6,000 ya ba da 24,576, kowane kilowat-awa ya tashi a 6. Amma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi, don haka ban karɓi 6 ɗin nan ba. Zagaye ɗaya nake yi a rana. Kafin in cinye 6,000 sai na yi fiye da shekara 16, alhali litiyom yana tsufa da shekaru ko ana amfani da shi ko ba a yi, ga kuma allon lantarkin da ke cikinsa yana kula da caji, wanda shi ma zai iya lalacewa kafin ƙwayoyin batirin su gaji. Sai na yanke masa shekara goma, zagaye 3,650. Wannan zatona ne, ba alƙawarin kowa ba. Jimilla ta sauko zuwa 14,950, farashi ya hau 10.

Na ƙara rage masa kashi goma saboda zaizayewa. Batirin da ya fara da ɗari ya ƙare da tamanin, a tsaka-tsaki casa'in yake bayarwa, kuma tunda wannan ɗin ba shi da rarar da zai rufe giɓin, dole in sa shi a lissafi. Ya rage 13,455, farashi 11. Ko da na ɗauka zai ci amanata ya mutu a shekara biyar, abin da zai kama wajen 22 ne, har yanzu ƙasa da 36 da na riga na biya da hannuna. A kan wannan na saye shi.

Saura ragi ɗaya da ya hau kan kowane batiri. Mitata a bakin batirin take ƙirga, amma wutar da ke isa soket sai ta ratsa inbata, na'urar da ke juya wutar batiri ta koma irin ta gida, ita kuma tana cin ladanta, kusan kashi goma a tawa. In abin da ya isa ga firji da fanka kake son sani, 36 ya zama 40, 11 kuma ya zama 12 da ɗoriya. Ban sa kuɗin wutar da ake cajin da ita ba, domin daga rana take zuwa. Wanda yake caji da janareta ko wutar layi ya kamata ya ƙara shi, kuma a nan ma na dalma ya fi ɓarna, don cikin abin da aka zuba masa yakan mayar da kashi 80 zuwa 85 ne, na litiyom kuwa sama da 90.

Sabon batirin na fitar da shi daga wancan ɗaki zuwa inda iska ke ratsawa, na saita inbata ta yanke wuta idan caji ya rage kashi 20. A ranar ɗaya ga kowane wata ina rubuta jimillar da mita ta nuna a wani ɗan littafi, in raba 150,000 da ita. A ƙarshen shekarar farko jimillar ta kai wajen 1,450, wato kowane kilowat-awa yana kan 103, kuma sai ta kai wajen 4,200 kafin ya sauko ƙasa da 36.