Alamar = ta farko kaɗai ake yankawa

Ina kula da manhajar aika saƙon tes ga iyaye a wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Mabera, nan Sakkwato. Saitin manhajar yana cikin fayil ɗaya, kowane layi suna ne, sai alamar =, sai ƙima. Shugabar makarantar ta ce: "Malam, a sa mini shi a tebur, ni Excel na saba da shi." Ai kuwa gaskiyarta ce, ginshiƙi biyu ya fi daɗin karatu.

Ga irin layukan:

```
LAMBA=00452
URL=https://example.com/aika?to=a&id=7
```

Layi na biyu ne ya nuna inda gizo ke saƙar. Alamar = uku ce a cikinsa. In ka ce wa Excel ya raba a kowace =, layin zai tarwatse gida huɗu. Haka kalmomin sirri na base64, wato tsarin mayar da bayanai zuwa haruffa da lambobi, da yawansu da == suke ƙarewa. Don haka a ta farko kawai na yanka, na sa tab a gurbinta:

```
sed 's/=/\t/' saiti.env > tebur.tsv
```

Da gangan ban sa g a ƙarshen umarnin ba, domin ita ke sa sed ya bi duk layin yana canjawa. Tab kuma na zaɓa maimakon waƙafi saboda saƙonnin da muke turawa cike suke da waƙafi.

Buɗe teburin ya fi yanka shi haɗari. In aka bar Excel ya yi hasashensa, 00452 zai koma 452, doguwar lamba mai alƙaluma 12 zuwa sama ta bayyana kamar 2.35E+12, alƙaluman da suka biyo bayan na 15 kuma ya mayar da su sifiri. Ƙimar da ta fara da + ko = yana iya ɗaukarta a matsayin lissafi. Kuma ba lallai ne ya yi maka gargaɗi ba. Maganin shi ne shigo da fayil ɗin ta sashen Data na Excel, a zaɓi Text ga ginshiƙan biyu tun kafin ya buɗe. Bayan ya buɗe, sifirin ya riga ya tafi.

Da Hajiya shugabar ta gama gyara, aka adana teburin a matsayin rubutu mai tab da sunan tebur.txt, na mayar da shi:

```
tr -d '\r' < tebur.txt | sed 's/\t/=/' > sabo.env
diff saiti.env sabo.env
```

Shi tr yana cire harafin ɓoye da Windows ke liƙawa a ƙarshen kowane layi. In ya zauna, kalmar sirri za ta yi daidai a ido amma manhaja ta ƙi ta.

Abu biyu ta canja, amma diff, mai kwatanta tsohon fayil da sabon, ya nuna layi uku. Na ukun saƙo ne mai alamar zance a ciki: Excel ya ninka alamomin, ya kuma kewaye saƙon da wasu. Da hannu na gyara shi kafin na ɗora fayil ɗin.