Yadda na tsara ranakun karɓar ɗinkin Salla a shagona

Ni tela ne a garin Tawa, kuma duk wanda yake wannan sana'a ya san cewa da zarar azumi ya kama, shadda da atamfa suke cika shago, kowa kuma yana cewa nasa na gaggawa ne. A bara kayan sun yi yawa har masu zuwa tambaya suka riƙa tsayar da keken ɗinki, shi ya sa bana na sayi littafi, na ware wa kowace ranar azumi shafi guda.

Abin da na fara lissafawa shi ne aikin da ya fi kowane jinkiri. Ni da yarana biyu muna iya haɗa riga da wando shida a yini, amma mai aikin wuya ba ya wuce biyu, saboda haka kowane shafi yana ɗaukar ɗinki shida ne, biyu kawai daga ciki masu aiki. Idan shafi ya cika, sai mai kaya ya karɓi rana ta gaba. Nakan yanki ƙyalle kaɗan daga yadinsa in liƙa kusa da awonsa da kuɗin da ya fara bayarwa, domin farar shadda kama take da juna idan ta taru. Ranar da nake faɗa masa takan zama kwana biyu bayan ranar da za mu gama, don a samu damar guga da sa maɓalli, kuma bayan sallar asham ake zuwa karɓa.

Na yi lissafin a kan azumi 29, tunda ana iya ganin wata a daren, kuma na bar kwana uku na ƙarshe babu alƙawari ko ɗaya saboda ɗaukewar wuta da gyaran kayan da suka matse ko suka yi tsawo.

Ranar 18 ga azumi wata dattijuwa ta kawo yadin jikokinta biyar, alhali littafin ya kusa cika. Na buɗe shi a gabanta na ce, "Hajiya, ki duba da kanki, gurbin mai aiki ya ƙare, amma idan kin yarda a yi su babu aikin wuya, za ki karɓa ranar 26." Ta ce, "To ɗana, a yi hakan, ya fi su wayi gari babu kaya." Ta kuwa karɓa a ranar.

Inda tsarin ya gaza shi ne wajen ma'aikatan da ke jiran albashi, domin kayansu sun kammala amma suka zauna a rataye har jajibere. Yanzu kafin in rubuta wa mutum rana, nakan tambaye shi lokacin da cikon kuɗinsa zai samu, sai in ba wanda yake shirye gurbin farko.